Saƙon da ya girmama mai rubutu ya bar malami

Wani ɗan uwanmu da ke karatu a wata jami'a a nan Busan, Koriya ta Kudu, ya tura wa farfesansa saƙo a manhajar hira ta KakaoTalk cewa ba shi da lafiya. Kafin azahar malamin ya amsa, ya yi masa fatan samun sauƙi, sannan ya maido masa da saƙon nasa a gyare. Yaron ya nuna mini kamar ya nutse don kunya, ni kuwa saurin amsar ne ya fara ba ni mamaki, domin kun san yadda ɗalibi kan yi mako yana sintiri a ƙofar ofis a jami'o'inmu na gida.

Ga abin da yaron ya rubuta da Koriyanci: 제가 아프셔서 못 가요. 숙제는 내일 줄게. Nufinsa shi ne ba zai samu zuwa ba saboda ciwo, aikin kuma gobe zai kawo.

Girmamawa a Koriyanci hanya biyu take bi, kuma haɗa su ne ke kayar da baƙo. Ƙarshen aikatau yana girmama wanda ake yi wa magana, yayin da gaɓar 시, mai sautin "shi", da ake cusawa a tsakiya take girmama wanda ake magana a kansa. Tun da ciwon nasa ne, da ya rubuta 아프셔서 maimakon 아파서 kansa ya ɗaukaka a gaban malaminsa, tamkar mutum ya ce wa kansa "ranka ya daɗe".

Jimla ta biyu ta fi muni. Ta farko ta ƙare da 요, "yo", wanda ladabi ne na yau da kullum kuma malamai da yawa suna karɓarsa, amma 줄게 ba ta da wannan ƙarshen ko kaɗan, magana ce ta abokai da ƙanne da suke kira banmal. Aikatau ɗin ma ba nasa ba ne, domin ba a "ba" babba abu da 주다, ana miƙa masa ne da 드리다. Malamin ya mayar da ita 내일 드리겠습니다, da ƙarshen "sumnida" na rubutun hukuma, ya kuma daidaita ta farkon zuwa 못 갑니다 don saƙon ya tsaya a mataki ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne su kansu 'yan ƙasar sun wuce gona da iri wajen ciniki. A shagon kofi za ka ji ana cewa 커피 나오셨습니다, an liƙa wa kofi gaɓar girman da ta dace da mutum, saboda tsoron kada mai saye ya ce an raina shi. Na yi kewar "Allah gafarta Malam" da "kun wuni lafiya", waɗanda ba sa buƙatar wannan lissafi. Sai dai yaranmu da suka gaji wannan sauƙin su ne ke tura wa malaman jami'a gajerun haruffa ba sallama ba suna, malaman kuma su share ba tare da sun gyara wa kowa ba.