Tanda arasta: mai tsini ko mai kan tulu, wanne za ka saya?

Da hadari ya fara haɗowa daga gabas sai masu bene da masu sola su tuna da maganar tsawa. Ka shiga Sabon Gari ka ce tanda arasta kake so, abu biyu za a ɗauko maka: sandan jan ƙarfe mai tsini, da wani mai kan tulu mai ƙyalli wanda kuɗinsa ya ninka na farkon sau da yawa, a ce maka shi kaɗai ya isa ya kare layinku gabaɗaya. Kafin ka ciro kuɗi, tsaya ka ji aikin tsinin tukuna.

Idan hadari ya tsaya a kan gari, gindinsa cike yake da cajin lantarki, sai ya jawo kishiyar cajin daga ƙasa ta hau duk abin da ya yi tsayi. Shi ƙarfe guda ɗaya, ƙarfin boltinsa ɗaya ne daga gindi har kai, amma cajin ba ya zama daidai wa daida a jikinsa. Ɗauki ƙwallon ƙarfe biyu ka haɗa su da doguwar waya, ɗaya daga tsakiyarsa zuwa baki santimita 10, ɗaya santimita 1. Ƙarfin lantarkin da ke matsa wa iskar jikin kowanne shi ne `E = V/r`, wato ka raba bolt da girman ƙwallon. A ce bolt 30,000 ne a jikinsu. Babban zai ba da bolt 300,000 a kowace mita, ƙaramin kuwa miliyan 3. To busasshiyar iska a kusan miliyan 3 ɗin nan take sarewa ta fara wuce da wuta. Kan sanda shi ne ƙaramin ƙwallon, nan caji yake cunkushewa, nan iska take fara sarewa, sai wani harshen wuta ya tashi sama ya tarbi wanda yake saukowa daga hadari. Suna haɗuwa tsawa ta samu hanya, ta bi ƙarfe maimakon tankin ruwanka ko kusurwar bene.

Kada wani ya ce maka sandan tsotse hadari yake yi ya hana tsawa sauka, ɗan abin da yake tsiyaya ta tsinin bai kai ya kawo ba. Karɓa yake yi ya kai ƙasa, aikinsa kenan tun zamanin Benjamin Franklin da ya ƙirƙiro shi. Kuma ba sai ya yi kaifin allura ba. A gwajin da aka yi a kan wani dutse a New Mexico ta Amurka, sanduna masu dakusasshen kai, kauri wajen milimita 19, su tsawa ta riƙa faɗa wa ta bar masu kaifin. Idan tsini ya yi yawa ƙarfin yana mutuwa daf da bakinsa, kuma cajin da yake fesowa sai ya lulluɓe kan.

Shi mai kan tulun ana ce masa ESE, wai yana riga kowa tura harshen wutar. Faransa tana da ƙa'idarsa, amma ƙa'idar Amurka NFPA 780 ba ta karɓi wannan faɗin kariyar da ake yi masa talla ba. Ni dai a matsayin sanda na ɗauke shi, sanda mai tsada. Gida mai faɗi gara sanduna biyu ko huɗu a kusurwoyi, a haɗe su da tef ɗin jan ƙarfe, su ɗara tanki da sola tsayi.

Inda kuɗinka ya kamata ya tafi ƙasa ne wallahi. Tsawa matsakaiciya tana zuwa da amfiya wajen 30,000. Idan at ɗinka, wato ƙarfen da aka binne don ya kai wutar ƙasa, turjiyarsa om 10 ce, bolt 300,000 zai tashi a jikin wayar, idan kuwa om 100 ne ya zama miliyan 3, sai wutar ta yi tsalle ta faɗa wayarin ɗin gida ko rodin gini. Na ga gidan da aka kafa sanda mai kyau aka sauko da siririyar wayar soket, aka cusa ta a rami bai kai gwiwa ba, abin ya dame ni har yau don akwai yara a gidan. Ka nemi tef mai faɗin milimita 25 da kaurin milimita 3, ya sauko a miƙe ba lanƙwasa mai kaifi, kuma ka kai masa maganaɗisu tun a shago, idan ya kama to ƙarfe ne aka yi wa wanka. Sandan at shi ko ya kama ba laifi in dai rufin jan ƙarfen mai kauri ne, kankare shi kaɗan ka gani.

Mai aikin ya zo da na'urar awo ya nuna maka ƙasa da om 10 da idonka, kuma da rani, don ƙasar Kano da damina kowane rami kyau yake yi. Gishirin da suke zubawa yana sauke awon yau amma yana cin ƙarfen, gara a ƙara sanduna. Sai ka rufe tef ɗin daga ƙasa zuwa inda hannu ba ya kai saboda ɓarayin jan ƙarfe, ka sa SPD, na'urar da ke tare wutar da ta yi tashin bazata, a allon wutarka don inbata, sandan sama ba ya tare wutar da ta biyo wayar NEPA.