Muhawara a Aji: Mutum Shida a Gaban Allo, ko Rukuni-Rukuni da Kati?

"Ina koyar da Hausa a aji ɗaya na babbar sakandare, ɗalibai 60, darasi minti 40. Zan yi musu muhawara a kan 'Makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo'. In fito da mutum shida su kara a gaban aji, ko in raba su rukuni-rukuni kowa da katin aikinsa? Kuma yaya zan tsara lokaci da takardar maki?"

Malama, duka biyun na gwada, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta gaban allo ta nunawa ce, ta rukuni ta koyarwa ce. In darasi ɗaya gare ki, ki ɗauki ta rukuni.

Bari mu fara da lissafin lokaci, don a nan bambancin ya fi fitowa. A ta gaban allo, jagoran kowane ɓangare yana samun minti 4, sauran huɗun minti uku-uku, sai kammalawa minti bibbiyu. Minti 24 ke nan. Ki ƙara 5 na gabatarwa da 5 na hukunci, ragowar su tafi a tashi da zama. Lokaci ya isa, kuma aji na cikin natsuwa. Sai dai mutum shida ne suka buɗe baki, 54 sun zama 'yan kallo, kuma shidan nan kin san su tun kafin a fara, su ne dai masu ɗaga hannu kullum.

A ta rukuni kuwa, 60 ɗin za su kasu gida shida, goma-goma: uku masu goyon baya, uku masu adawa, shugaba ɗaya, alƙalai uku. Minti 5 na raba kati da juya benci, 8 na shiri, jawabi shida minti bibbiyu, kammalawa minti ɗai-ɗai, 4 na alƙalai, 6 na jin sakamako. Ya kama 37, saura 3, kuma za su tafi ba ki san inda suka shiga ba. Ribar ita ce ɗalibai 36 sun yi jawabi, 18 sun yanke hukunci. Asarar kuma hayaniya. Rukuni shida a ɗaki ɗaya kasuwa ce, don haka in akwai inuwar bishiya kusa da taga, ki fitar da biyu. Agogo kuma ya zauna a hannunki ke kaɗai. Ki buga dasta a tebur sau ɗaya in saura daƙiƙa 30, sau biyu in lokaci ya cika, shugaban kowane rukuni ya zaunar da mai magana ko da a tsakiyar jimla yake. Da na bar wa kowane shugaba lokacinsa, wani rukunin ya gama yana hira, wani bai kai mutum na huɗu ba.

Batun kati, a ta gaban allo ba ya da wani nauyi, tunda kina tsaye kina gyara musu. A ta rukuni kuwa katin shi ne malami, domin ba za ki kasance wuri shida ba. Kwalin sabulu ko na biskit da aka yayyanka ya isa, amma kada ki rubuta sunan muƙami kawai. Ki rubuta aiki. Katin mai goyon baya na farko: "Faɗi abin da kuke nufi da 'ta fi', sannan kawo hujja biyu." Na mai adawa na biyu: "Maimaita hujja ɗaya da aka kawo, rushe ta, sannan kawo taka ɗaya." Na mutum na uku a kowane ɓangare: "Babu sabuwar hujja, martani kawai." Ki kuma raba katunan a kife, kowa ya ja. Ɗan jeka-ka-dawo da ya tsinci kansa yana kare makarantar kwana ya fi kowa ƙaruwa ranar.

Wannan "ta fi" ɗin ki sa mata ido. In ba a tsayar da ma'anarta ba, masu goyon baya za su yi ta maganar cin jarrabawa, masu adawa na maganar tarbiyya, kowa ya yi gabas da yamma ba a haɗu ba.

Takardar maki ita ce ta fi ba ni wahala, kuma ita ke nuna ko an koyi wani abu. Wadda muka gada daga muhawarar zauren taro tana ba da maki mai yawa ga tsayuwa, murya da tsabtar yunifom. Shi ya sa yaro zai ƙone rabin minti a "mai girma shugaba, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci", ya zubo haddar da yayansa ya rubuta masa, ya zauna ya ci. A gasar muhawara ta makarantun duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, mutum uku-uku ne, jawabi minti 8, kuma makin kashi 40 ne na abin da aka faɗa, 40 na salon faɗa, 20 na dabara. Wannan ya dace da yaran da suka goge. Ga masu farawa, na mayar da shi maki 10: hujja 4, martani 4, iya gabatarwa 2. Mai magana na farko ba shi da wanda zai mayar wa martani, sai a ba shi huɗun nan a kan yadda ya fayyace batun. Na uku kuma, hujjarsa ita ce dalilin da ya kafa martaninsa a kai.

Ga yadda alƙali zai gane martani. Mai goyon baya ta ce ɗan makarantar kwana yana da lokacin karatun dare, ba mai aikensa. Mai adawa ya miƙe ya ce, "Ɗan jeka-ka-dawo yana cin tuwon gidansu, in ya yi zazzaɓi uwarsa na kusa." Magana ce mai kyau, za ta iya cin 3 a hujja, amma a martani sifiri ce, don bai taɓa karatun dare ba. Wani kuma ya ce, "Ta ce ba mai aikensa. To wa ke ɗebo wa manyan ɗalibai ruwa, wa ke yi musu wanki? Aike yana nan, mai aiken ne ya canza." Wannan 4 ne cif. Ki rubuta misalan nan biyu a allo, ko ki yi naki, alƙalai su gani a minti 8 ɗin da sauran ke shiri, tunda su ba su da abin shiryawa.

A ta gaban allo ke ce alƙali, ko ke da wasu malamai biyu, hukunci na da inganci amma yara ba su san yadda aka yi shi ba. A ta rukuni, son kai zai shigo, ba makawa. Alamarsa takarda ce da aka jera goma-goma, ko mutum ɗaya ya samu 9 a wajen wannan, 3 a wajen wancan. Maganinsa layi ɗaya a ƙasan takardar: "Hujjar da ta sa na zaɓi wannan ɓangare ita ce..." Wanda bai cike ba, ƙuri'arsa ba ta shiga. Kada kuma a tara makin alƙalan uku wuri ɗaya, don mutum ɗaya mai zuba wa abokinsa zai iya rinjayar biyu. Kowa ya faɗi ɓangaren da ya ci a takardarsa, biyu su kayar da ɗaya.

Ki karɓi takardun 18 kafin a fita. In kin samu wani darasin a mako mai zuwa, ki zaɓo mutum shida da suka fi maki a layin martani, su ne za su tsaya gaban allo, da sabon batu.