Ɗaukar launin tambari: kamarar waya ko Pipette a kwamfuta?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in sake wa tambarin man gyaɗarmu launi, ya zama koren da ke jikin takardar kwalbarmu sak. In sayi manhajar waya mai karanta launi da kamara, ko in yi a kwamfuta?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kwamfuta, kuma da manhajar zane ta Inkscape, wadda kyauta ce. Ki bar kuɗinki a jaka.

Manhajar kamarar ina da ita, na biya, tana nan a waya ba na buɗe ta. Hasken da ya faɗa kan takarda take karantawa. Ki auna kwalba ɗaya a ranar Maradi da azahar, ki sake aunawa cikin shago ƙarƙashin fitila, lambobi biyu za ta ba ki.

Lambar da kike nema sunanta `hex`, alamomi shida bayan #. Biyun farko ja ne, na tsakiya kore, na ƙarshe shuɗi, kowanne daga 00 zuwa FF, wato 0 zuwa 255. Misali `#1B7A3D` ja 27 ne, kore 122, shuɗi 61. In kin riƙe lambar, duk wanda ya buga ta a na'urarsa wannan koren zai sa, ba sai ya kintata da ido ba.

Amma kafin komai, ki nemi wanda ya zana takardar tun farko ya ba ki asalin fayil ɗin, SVG ko PDF ko PNG. Ya turo a WhatsApp a matsayin `Document`. In ya turo kamar hoto, ana matse shi, launin ya ɗan dame.

Da Inkscape ɗin na yi wa wani bawan Allah mai kilishi aiki gab da sallah, kuma har yanzu ina jin daɗin tuna shi. Tsohon hoton tambarinsa kaɗai ya rage, JPEG. Na buɗe shi a Inkscape, na danna `D`, wato abin ɗaukar launi mai suna `Dropper`, ko `Pipette` in naki na Faransanci ne. Na taɓa jan wuri uku, na samu `#B3261E`, `#B52A20`, `#B0241F`. Wannan ita ce alamar hoton da aka matse: wuri ɗaya ne a ido, amma lambar na rawa. Sai na ƙara girman hoton sosai, na je tsakiyar inda jan ya fi faɗi, na danna linzamin kwamfuta na ja shi ban saki ba. Inkscape yana zana da'ira ya ba ki matsakaicin launin duk abin da ke cikinta. Ya ba ni `#B3271F`, na tsaya a kai. Da muka ajiye sabon kusa da tsohon, mutumin ya daɗe yana kallo, ya ce wallahi jan mahaifinsa ne.

Kada ki ɗauka a bakin harafi ko gefen zane. Ɗigogin wurin gauraye suke da farin baya, za ki samu kore mai haske wanda babu shi a tambarin.

Sauya launin ba wuya in tambarin SVG ne. Ki zaɓi yanki ɗaya, ki bi `Edit > Select Same > Fill Color` ya tattaro duk masu launin, sannan ki danna `Shift+Ctrl+F` ya buɗe wurin sauya launi. Akwatin `RGBA` alamomi takwas yake ɗauka, don haka ki rubuta lambar korenki ki ƙara FF a ƙarshe, misali `1B7A3DFF`. FF ɗin ƙarshe na nufin launin a cike yake, ba a ganin abin da ke bayansa. In PNG ko JPEG kawai gare ki, gara a sake zana tambarin, domin zuba masa sabon launi kan bar zoben tsohon a gefuna.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da wasu masu buga takardu. Za su ce ai sun san koren, su gwada da ido, su buga miki dubu. Wasu kuma su saka hoton JPEG cikin PDF su ce sun sake zanawa, su karɓi kuɗin zane. Ki ƙara girmansa a gabansu: in gefen ya fashe gida-gida, ba su zana komai ba. Kuma `hex` na allo ne, injin bugu da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kore mai ƙyalli kan fito a dushe. Ki sa a buga guda ɗaya a kan irin takardar da za a yi amfani da ita, ki ɗora kusa da tsohuwar kwalbar a inuwa da rana tsaka. In ya yi miki, sannan ki ba da kafin alƙalami.