Adadin Litinin da ya canza ran Juma'a: a sake lodi, ko a ajiye kowane juyi?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe da dashbod ɗin cinikin hatsi na ƙungiyarmu a nan Damagaram, muna da mangaza a Mirya, Magarya da Tanut. Kowace safiya yana ɗauko cinikin jiya ya ƙara a kan na baya. Amma wasu rahotanni sai bayan kwanaki suke isowa, wasu kuma ana gyara su daga baya, har jimillata ba ta haɗuwa da ta ma'aji. Wani ya ce in riƙa goge kwanakin baya ina sake lodawa, wani ya ce kada in goge komai, in ajiye kowane gyara. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Dukansu biyun suna aiki, amma ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba. Bari mu ɗauki rana guda mu bi ta, shi zai fi nuna bambancin.

A ce Litinin 3 ga wata ce. Talata da safe allo ya nuna buhu 140: Mirya 120, Magarya 20, Tanut shiru domin babu rezo. Ran Alhamis wayar mai mangazar Tanut ta samu rezo, buhu 35 na Litinin suka iso. Ran Juma'a kuma aka gane hannun mai shigarwa a Mirya ne ya zame, buhu 12 ne ba 120 ba. Gaskiyar Litinin ke nan buhu 67. Tsarinka na yanzu zai tsaya a kan 140 har abada, domin ya riga ya wuce Litinin ba ya waiwaye. In kuwa da ranar isowa yake lissafi, zai jibga 35 ɗin Tanut a kan Alhamis, ya ɓata lissafin kwana biyu lokaci guda. Shi ya sa kafin komai, kowane layi ya zama yana da rana biyu daban, ranar da aka yi cinikin da lokacin da rahoton ya iso, da kuma lamba tasa wadda ba ta canzawa ko an gyara shi.

Hanyar farko ita ce ta sake lodi. Kowace safiya ka goge kwana 14 na baya, ka sake ɗebo su daga tushe yadda suke yanzu. A PostgreSQL haka take:

```sql
BEGIN;
DELETE FROM ciniki WHERE ranar_ciniki >= CURRENT_DATE - 14;
INSERT INTO ciniki
SELECT * FROM tushe WHERE ranar_ciniki >= CURRENT_DATE - 14;
COMMIT;
```

Kada ka raina `BEGIN` da `COMMIT` ɗin nan. In wuta ta ɗauke bayan gogewa kafin a zuba sabo, su ne za su hana ka wayi gari da mako biyu fayau babu komai. Da wannan hanya Litinin za ta nuna 140, ta koma 175 bayan isowar Tanut, ta sauka 67 bayan gyaran Mirya, duk da kanta. Ko layi aka share gaba ɗaya a tushe, shi ma zai ɓace a allo. Masu aiki da Power BI suna da irin wannan a shirye, inda ake saita `RangeStart` da `RangeEnd`.

Raunin wannan hanya biyu ne. Rahoton da ya yi kwana 20 a hanya ba zai taɓa shiga ba, kuma babu abin da zai yi ƙara ya sanar da kai. Don haka kada ka ɗauki 14 daga bakina. Ka ɗebo rahotannin wata uku, ka cire ranar ciniki daga ranar isowa, ka ga mafi yawan jinkirin da aka saba, ka ɗora 'yan kwanaki a kai. Ka duba na damina musamman, lokacin da hanya da rezo suka fi ba da wahala. Sannan kowace Lahadi da dare ka sake loda shekarar gaba ɗaya, ta kwaso abin da ya zille.

Rauni na biyu shi ya fi damuna: ba ta da tunawa. A ce ran Talata shugabanku ya ga 140, ya aika mota da buhu 100 zuwa Mirya don a cike gurbi. Mako na zagayowa ya buɗe allo ya ga 67, ya tambaye ka ina 140 ɗin da ya gani. Ba ka da abin nunawa, an goge shi. Wannan ta taɓa faruwa da ni a wani wurin aiki, na zauna a taro ina rantsuwa cewa adadin ya kasance a can, kuma daga ranar mutane suka koma littafinsu na hannu suka bar allon.

Hanya ta biyu ba ta goge komai. Duk layin da ya iso ko aka gyara, a ƙara shi a teburin tarihi tare da lokacin lodinsa. Layin Mirya zai zauna sau biyu da lamba ɗaya, na 120 da na 12, allo kuma ya ɗauki na ƙarshe kawai:

```sql
SELECT DISTINCT ON (lamba) *
FROM tarihi
ORDER BY lamba, lokacin_lodi DESC;
```

Yau ita ma 67 za ta ba ka. Amma in ka ƙara sharaɗin `lokacin_lodi` ya tsaya a safiyar Talata, 140 ɗin zai dawo yadda shugaba ya gan shi, kuma ka nuna masa layin da ya canza da ranar da ya canza. Jinkiri ma ba shi da iyaka a nan, ko na wata biyu ne zai tafi ranarsa.

Sai dai tana son kulawa fiye da ta farko. Duk wanda ya tara teburin tarihi kai tsaye, bai bi ta wancan tacewa ba, zai samu 132 a Mirya, wato 120 da 12 a haɗe. Alamar wannan kuskure ita ce jimilla kullum hawa take bayan gyara, ba ta sauka. Haka kuma in lambar layi tana canzawa yayin gyara, tsarin duka ya rushe, don haka ka gwada: gyara rahoto guda, ka duba ko lambarsa ta tsaya. Layin da aka share a tushe kuma ba ya aiko da labarin mutuwarsa, sai ka riƙa kwatanta lambobin tushe da naka, wanda ya ɓace ka sa masa alamar sharewa.

Ni dai a matsayinka, da mangaza uku da 'yan layuka kaɗan, yau ɗin nan zan kafa ta farko, domin aikin yamma ɗaya ne kuma jimillarka za ta haɗu da ta ma'aji. Amma tunda a kan adadin nan ake tura mota ana fitar da kuɗi, ba zan yarda in zauna babu tarihi ba. Kafin gogewar kowace safiya, ka kwafe jimillar kowace rana da kowace mangaza zuwa ƙaramin tebur tare da ranar kwafin. Wannan ya isa ya amsa tambayar shugaba. Cikakkiyar hanya ta biyu ka bar ta sai ranar da masu binciken kuɗi suka fara neman a nuna musu layi-layi.

Ko wacce ka ɗauka, ka gyara fuskar allon ma. A gefen Litinin a rubuta "mangaza 2 cikin 3 suka aiko", kwanakin da ba su kammala ba a dusashe launinsu, kuma gurbin Tanut a bar shi da "ba a aiko ba". Kada a sa sifiri a wurin, domin mai karatu zai ɗauka ba a sayar da ko tiya ɗaya ba a Tanut ranar.