Gyaran PDF don masu lalurar gani: a gyara daga tushe, a sayi Acrobat, ko a ba wa mai sana'a?

Kafin ƙungiya ta fitar da ko kwabo a kan wannan aiki, tambaya ɗaya ce za ta fara yi: ina fayil ɗin asali, wanda aka buga a kwamfuta kafin a mayar da shi PDF? Amsar ita ke raba aikin yini guda da wahalar mako.

Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar manoman rani a yankin Auyo. Ta fitar da takarda mai shafi 12 kan rabon taki, aka buga a shagon kwamfuta a Haɗeja, aka tura wa mambobi ta waya. Cikin mambobin akwai makafi masu sauraron rubutu da TalkBack a wayar Android, akwai kuma malamin da ke amfani da manhajar karanta allo ta NVDA a kwamfuta. A ido takardar ba ta da aibi. Amma mai bugun bai sa kanun batutuwa na gaskiya ba, ya dai ƙara wa haruffa girma da kauri. A shafi na 4 ya jera sharuɗɗan masu biya nan take a hagu, na masu karɓar bashi a dama. Da manhaja ta zo karantawa sai ta ɗauki layi daga hagu ta haɗa da na dama, mai sauraro ya ji ranar biyan bashi a manne da farashin kuɗi hannu. Taswirar rumbun da za a karɓi takin kuwa, ko a ce da shi hoto ne kawai, ko a tsallake ta.

Dalili shi ne manhajar karanta allo ba ta kallon shafi. Wasu ɓoyayyun alamomi take bi, waɗanda ake kira Tags: `<H1>` babban take, `<H2>` ƙaramin take, `<P>` sakin layi, `<Figure>` hoto. Yadda aka jera su haka za a karanta. Idan babu su, sai ta yi ta kirdado. Ana ganewa cikin sauƙi: a buɗe fayil ɗin a Acrobat Reader na kyauta, a danna `Ctrl+D`, a duba inda aka rubuta Tagged PDF. In aka ga No, akwai aiki a gaba.

Hanya ta farko, wadda nake ba kowa shawarar farawa da ita, ita ce komawa tushe. Idan mai shago bai goge fayil ɗin Word ba, a karɓo shi a filas. Sunan takardar a ba shi Heading 1 daga cikin Styles. Sassa kamar "Wa ya cancanta" da "Ranakun rabo" su zama Heading 2, abin da ke ƙarƙashinsu Heading 3, kuma kada a tsallaka daga 1 zuwa 3 don kawai siffar ta fi kyau. Shafi na 4 a rushe akwatunan rubutun da aka zana, a kawo sharuɗɗan kuɗi hannu su ƙare tukuna, sannan na bashi su biyo, kowanne da kansa. Taswira a rubuta mata bayani a Alt Text, bayanin da zai kai mutum wurin: "Rumbun ƙungiya yana bayan masallacin Juma'a, hannun dama idan an fito daga tasha." Furannin ado na gefen shafi a sa musu Mark as decorative don manhaja ta wuce su shiru.

Wajen fitarwa ake yawan yin asarar duk wannan wahala. A bi ta Save As, a zaɓi PDF, a shiga Options, a tabbatar an zaɓi Document structure tags for accessibility. Wanda ya bi ta Microsoft Print to PDF ya zubar da alamomin kaf. In babu Word mai lasisi, LibreOffice kyauta ce, kuma tun fitowa ta 7.0 a shekarar 2020 tana da zaɓin PDF/UA a wurin Export as PDF. PDF/UA ɗin nan shi ne ma'aunin ISO 14289 na PDF da manhajar karanta allo za ta iya bi, wanda aka fara fitarwa a 2012. Ga garin da ake dogaro da sola da data ta awo, ba ƙaramin alheri ba ne manhajar da za a sauke sau ɗaya ta yi aiki ba intanet.

Hanya ta biyu ita ce Acrobat Pro, kuma ta wanda tushensa ya ɓace ce. Ba a saye a mallaka, haya ake biya wata-wata ko shekara-shekara, da kati ta intanet. Tana iya sa alamomi da kanta, amma kirdado take yi, kuma shafi irin na 4 ne ke ruɗa ta. Sai mutum ya buɗe jerin alamomin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya mai da `<P>` zuwa `<H2>` inda ya dace, ya ja sharuɗɗan bashi ya ajiye su ƙasan na kuɗi hannu. Akwai wani tarko a nan: lambobin jerin karatu da Reading Order na Acrobat ke nunawa a kan shafi za su iya daidaita alhali jerin Tags na nan a hargitse, shi kuwa NVDA ke bi. Ga wani nauyin kuma: ranar da farashin taki ya canja aka sake buga takarda, gyaran bai bi ta ba, sai a fara daga farko. Gyara ne irin na yaɓe a kan bangon da za a rushe baɗi.

Idan kuwa takardar sikanin aka yi mata, to hoto ce zalla, ba harafi ko ɗaya a ciki. Dole sai an bi da ita ta OCR, wato manhajar da ke mayar da hoton rubutu haruffa, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ne ke fara lalacewa. Shafi 12 gara a sake bugawa da hannu. Haka nan a kula da tsofaffin nau'o'in haruffa da ke nuna ƙ a ido alhali wata alama ce daban a ƙasa. A kwafi layi guda a manna a Notepad; abin da ya fito, shi makaho zai ji.

Ta uku ita ce a ba wa mai sana'a kwangila. Ta dace da littafi mai tebura da yawa ko fom da ake cikewa. Sai dai a yi ciniki da sharaɗi tun farko: kuɗin kowane shafi ya haɗa da tebura da hotuna, mai jin Hausa ne zai rubuta bayanin hotunan, kuma a miƙo fayil ɗin tushe tare da PDF. A nemi sakamakon PAC, manhajar bincike ce ta kyauta a Windows. Amma PAC tana iya ganin an cike gurbin bayanin hoto, ba ta san ko an rubuta "hoto na 3" ne kawai ba.

Shi ya sa kowace hanya aka bi, kada a biya cikon kuɗi sai an ji da kunne. NVDA kyauta ce. A buɗe takardar, a danna `H`: kowace dannawa ya kamata ta kai ka take na gaba. A danna `G` a ji abin da ta ce kan taswira. Sannan a saurari shafi na 4 daga sama har ƙasa. Ya fi kyau a roƙi wanda abin ya shafa: "Malam, don Allah a saurara mana, a gaya mana yaushe mai bashi zai biya." Idan ya faɗi ranar daidai ba tare da an karanta masa ba, a sallami mai aiki. Idan ya yi jim, a koma jerin alamomin shafin, a kuma gwada fayil ɗin a waya kafin a tura wa sauran mambobi.