Sharhi kan takardar gwajin maganin wanke tayil da na yi aiki da ita a Garwa

Ina sayar da kayan tsaftace gida a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma a cikin kayan da nake karɓa daga wani dillali akwai garin wanke tayil wanda aka haɗa da sinadarin tsami irin na lemon tsami. Tare da kayan, dillalin ya ba ni takarda mai shafi biyu wadda ta tsara yadda mai sayarwa zai nuna wa masu saye halin tayil kafin wanki da bayansa, da abin da zai faɗa a kowane mataki. A kan wannan takarda sharhina ya tsaya, domin na yi aiki da ita tun daga lokacin sanyi har zuwa tsakiyar bazara, kuma na ga inda ta yi kyau da inda ta gaza.

Dattin da aka yi maganin dominsa shi ne farin ɓawon nan da ruwa mai yawan ma'adini yake bari a bangon banɗaki da wurin alwala idan ya bushe. Asalinsa ɗaya da alli, saboda haka tsami yana narkar da shi, kuma a inda ya yi kauri ana ganin ƙananan kumfa suna tasowa yayin da maganin yake cinsa. Wannan ɓawo yana da wani hali da masu talla marasa gaskiya suke fakewa da shi: da zarar ya jiƙe, ko da ruwan banza ne, sai farinsa ya ɓace tayil ya yi ƙyalli, sannan ya dawo yadda yake bayan ya bushe. Duk wanda ya nuna busasshen tayil a matsayin na farko, ya kuma nuna jiƙaƙƙe a matsayin sakamako, bai nuna aikin magani ba ko kaɗan. Babban abin da ya sa nake yaba takardar shi ne ta toshe wannan ƙofa.

Ta ce a samo tsohon tayil mai dattin gaske da ya daɗe, kada a shafa sabon datti da safe a goge shi da rana. Ni daga wurin magina masu gyaran banɗaki nake samun nawa. Ana raba fuskar tayil ɗin gida uku da salatif. Kashi na farko ba a taɓa shi. Kashi na biyu ana jiƙa shi da ruwa kawai. Kashi na uku ana jiƙa shi da maganin, wanda ake damawa giram 50 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi kamar yadda aka rubuta a jikin leda. Ana jira minti 10, sannan a goge kashi na biyu da soso sau 20, a goge na uku da irin wannan soso sau 20, a ɗauraye, a tsane da ƙyalle, a bari su bushe sarai kafin a cire salatif. Kashin tsakiya shi ne ginshiƙin gwajin, domin shi yake nuna abin da ruwa da ƙarfin hannu za su iya yi su kaɗai, kuma bambancin da ke tsakaninsa da na uku shi ne kawai abin da mai saye zai biya kuɗi dominsa. Takardar ta ƙara da cewa a miƙa wa ɗaya daga cikin masu kallo soson da safar hannu ya yi gugar da kansa, don kada a ce mai kaya ya danne hannu a ɓangaren da yake so.

Wata Hajiya mai gidajen haya ta kawo nata tayil da ya ɓalle daga ƙarƙashin famfo, da farin ɓawo a ko'ina da wani jan zane na tsatsa a tsakiya. Na fara da jimlar da aka tsara, na ce: "Hajiya, wannan magani yana narkar da farin dattin ruwa, yana rage tsatsa, amma ba ya gyara inda fuskar tayil ta karce, kuma ba shi ne maganin maiƙo ba." Bayan bushewa, kashin ruwa ya yi ɗan haske kaɗan, kashin magani ya fita tsaf a gefe inda ɓawon yake da sirara, amma inda ruwa ya daɗe yana ɗiga ya rage da kaushi, jan zanen kuma ya dusashe bai tafi ba. Ta shafa wurin da yatsa ta ce: "Malam, ai wannan bai fita ba." Amsar da takardar ta tanada ita ce a yarda da abin da ido ya gani, a ce wuri mai kauri yana buƙatar shafawa ta biyu ko ta uku, a kuma yi ta biyun a gabanta idan tana da lokaci. Mun yi, kaushin ya ragu sosai, tsatsar ta bar inuwa. Ta sayi leda biyu tana sane da iyakar abin da za ta samu, kuma a ganina cinikin da ba ya dawowa da ƙorafi ya fi wanda aka kammala da sauri.

Sashen hoto ma yana da amfani ga masu tallata kaya a WhatsApp. Ya ce a ɗauki hoton kafin wanki da na bayansa a wuri guda, da haske iri ɗaya, tayil a bushe, ba tare da gyara launi ba, a kuma rubuta a ƙasa yawan shafawa da tsawon jira. Wannan ya dace da dokar Kamaru ta 6 ga Mayu 2011 kan kare haƙƙin masu saye, wadda ta ba mai saye haƙƙin samun bayani a kan abin da yake saya.

Sai dai wanda ya rubuta takardar bai yi la'akari da zafin Garwa ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ruwan maganin yana bushewa a kan tayil kafin minti 10 su cika, kuma tsamin da ya bushe ba ya aiki. Alamar hakan ita ce kumfa ta tsaya da wuri, wurin ya yi danƙo, sakamakon ya fito ƙasa da abin da maganin zai iya. Abin da nake yi shi ne na koma inuwa, na shimfiɗa ƙyallen da aka jiƙa da magani a kashi na uku, na shimfiɗa wanda aka jiƙa da ruwa a kashi na biyu, domin sharaɗin ya zama ɗaya ga ɓangarorin biyu.

Gazawa ta biyu ta fi damuna. An ajiye gargaɗi a ƙarshen shafi na biyu, lokacin da rabin masu kallo sun riga sun watse. Gidaje da yawa a nan suna wanke banɗaki da ruwan jabel, wato bilic, kuma idan jabel ya haɗu da tsami yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, musamman a ƙaramin banɗaki marar taga. Haka kuma tsami yana cin marmara da daɓen da aka yi da tsakuwar marmara, yana kashe ƙyallinsu, kuma idan ya daɗe yana raunana simintin da ke tsakanin tayil. Na dawo da wannan bayani cikin minti 10 na jira, inda mutane suke tsaye suna saurare, kuma na roƙi dillalin ya sauya wurinsa a bugu na gaba. Wanda zai karɓi takardar kafin a yi wannan gyara, ya ɗauki alƙalami ya mayar da gargaɗin jabel zuwa shafi na farko da hannunsa.