BPE, Unigram ko bayit: wane mayankin kalma ya dace da Turkanci da Larabci?

Wanda zai horar da samfurin harshe, wato manhajar da ke koyon harshe daga tarin rubutu, abu na farko da zai yanke shawara a kai shi ne mayankin kalma, wato manhajar da ke daddatsa rubutu zuwa gutsattsari kafin samfurin ya gani. Wannan zaɓi ba ya canzuwa cikin sauƙi. Da zarar an gama horo, kowane gutsure ya riga ya samu gurbinsa a cikin samfurin, sauya mayanki kuwa kusan sake horo ne daga tushe. Idan aikinka Ingilishi ne, kusan duk wanda ka ɗauka zai kai ka. Idan kuwa Turkanci ne, ko Finlanci, ko Larabci, ko Ibrananci, to tsaya ka duba da kyau, domin waɗannan mayankan ba da ƙirar kalmomin irin waɗannan harsuna aka tsara su ba.

Mu fara da wanda ya fi yawa a kasuwa, BPE, wato Byte Pair Encoding. Asalinsa dabarar matse bayanai ce da Philip Gage ya bayyana a 1994, sai Sennrich da abokan aikinsa suka kawo ta fagen fassarar inji a 2016. Aikinsa mai sauƙi ne. Yana farawa da haruffa ɗai-ɗai, ya nemo biyun da suka fi yawan zuwa a jere, ya haɗe su su zama gutsure ɗaya, ya sake ƙirgawa, ya sake haɗewa, har sai kundin gutsattsarin ya kai adadin da ka sa masa, misali 32,000. Bai san saiwa ba, bai san ɗafi ba. Abin da ya sani kawai shi ne yawan maimaituwa.

Ga yadda hakan ke cin Turkanci. Ɗauki kalmar evlerimizden, ma'anarta "daga gidajenmu". Ƙwayoyin ma'ana huɗu ne a jere: ev gida, ler jam'i, imiz namu, den daga. Kowace ɗafa-ƙeya da aikinta guda, kuma iyakarta a fili take ga mai jin harshen. To amma akwai wata kalma, evleri, mai yawan fitowa a rubutu, domin tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya: "gidajensa", "gidansu", ko "gidajen" a matsayin karɓau. Saboda yawanta, BPE na iya haɗe ta tun da wuri ta zama gutsure guda. Daga nan kuwa duk inda ya ci karo da waɗannan haruffa a farkon kalma, haɗewar da ya koya ita zai bi, sai ka samu evleri, miz, den. Wasalin da ke farkon imiz ya tafi tare da gutsuren da ke gabansa, jam'in ya ɓuya a ciki, kuma an nuna wa samfurin wata kalma mai nufin "nasa" ko "nasu" a inda ake nufin "namu". Samfurin zai iya gyara wannan da kansa idan ya ga misalai masu yawa, sai dai kowane irin wannan gyara rubutun horo yake ci, kuma shi ne abin da masu ƙananan harsuna ba su da shi.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma ba BPE kaɗai ta shafa ba. A Turkanci wasalin ɗafi yana bin wasalin saiwa. Jam'i ler ne bayan ev, amma lar ne bayan oda, ɗaki. "Daga" yana da fuska huɗu: den, dan, ten, tan. "Namu" yana da takwas, imiz, ımız, umuz, ümüz, da kuma huɗun da ba su da wasalin farko idan kalmar ta ƙare da wasali. Mai nazarin harshe abu ɗaya yake gani a nan, mayanki kuwa gutsattsari takwas yake gani waɗanda babu abin da ya haɗa su, kowanne sai an koye shi daban. Saiwar ma ba ta tsira ba, kitap yana komawa kitabı idan wasali ya biyo baya, kamar yadda katu, titi a Finlanci, ke zama kadun.

Mayankin WordPiece, wanda samfurin harshe mai suna BERT ya yayata a 2018, ba sai na tsaya a kansa ba. Yana ɗaukar gutsure mafi tsawo da ya dace daga farkon kalma, don haka tarkon evleri shi ma yana jiran sa.

Wanda na fi so shi ne Unigram, na Taku Kudo, 2018, wanda ke cikin manhajar horar da mayankai mai suna SentencePiece. Shi ta ɗaya gefen yake farawa. Yana tara babban kundi na gutsattsarin da za su iya yiwuwa, ya ba kowanne kimar yiwuwarsa, sannan ya riƙa zubar da waɗanda rashinsu bai rage komai sosai ba, har kundin ya sauko girman da ake so. Amfanin wannan yana bayyana ne lokacin yanka. Ba a ɗaure yake da jerin haɗe-haɗen da aka yi tun farko ba, yana auna kalmar gaba ɗaya, ya zaɓi yankan da jimillar yiwuwarsa ta fi girma. Gutsure irin ler ko den, da ke fitowa a bayan dubban saiwoyi daban-daban, yana da daraja babba a wannan lissafi, don haka yakan tsira a matsayinsa. Bostrom da Durrett sun kwatanta su a 2020 a kan Ingilishi da Japananci, suka ga yankan Unigram ya fi na BPE dacewa da iyakokin ƙirar kalma. Akwai kuma wata riba da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Tunda kowace kalma tana da yanka fiye da ɗaya, kana iya sa shi ya riƙa sauya yankan lokacin horo, ta yadda samfurin zai ga evlerimizden yau a wannan siffa, gobe a wata, ba zai dogara da kuskure guda ba. Gwada shi ba ya buƙatar komai mai yawa:

```python
import sentencepiece as spm
spm.SentencePieceTrainer.train(input='tr.txt', model_prefix='tr',
    vocab_size=32000, model_type='unigram', character_coverage=1.0)
sp = spm.SentencePieceProcessor(model_file='tr.model')
print(sp.encode('evlerimizden', out_type=str))
```

Sai dai ko Unigram ɗin yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, kuma Larabci ne ke nuna ta. Duk waɗannan mayankan sun ɗauka cewa ƙwayar ma'ana jerin haruffa ce da ke manne da juna. A Larabci saiwa yawanci baƙaƙe uku ce, kamar k, t, b mai ɗauke da ma'anar rubutu, sai a zuba ta cikin awo: kataba ya rubuta, kitaab littafi, kutub littattafai, kaatib marubuci, maktuub abin da aka rubuta. Saiwar da awon a sarƙe suke kamar zaren tsaye da na kwance a saƙa, babu inda za ka sa almakashi ka raba su. A rubuce, alif ɗin kaatib yana tsakanin baƙi na farko da na biyu, na kitaab kuwa tsakanin na biyu da na uku, don haka gutsuren da zai haɗa su babu shi. Awon ma yana da tasa ma'anar, kaatib da aalim da haakim duk masu aikatawa ne, amma mayanki ba shi da hanyar da zai ware wannan awo ya zama gutsure. Ga kuma saiwoyi masu rauni, inda baƙi ɗaya ke ɓacewa: ƙaala, yaƙuulu, ƙul, duk daga saiwa guda. Sannan tunda ba a cika sa wasulla gajeru a rubutu ba, kataba da kutiba da kutub haruffa uku ne iri ɗaya. Mai jin Hausa ya san ɗanɗanon wannan a jirgi da jirage, gulbi da gulabe, inda jam'in ke shiga tsakiyar saiwa.

To me za a saya wa Larabci? Shawarata ita ce a sa manazarcin ƙirar kalma a gaba, irin su Farasa ko CAMeL Tools, ya fara ɓalle ƙananan kalmomin da ke manne, sannan Unigram ya biyo baya. Kalma kamar wasayaktubuunahaa, "kuma za su rubuta ta", sai ta rabu zuwa wa, sa, yaktubuuna, haa. Wannan bai warware sarƙar saiwa da awo ba, amma ya hana kundinka cika da kalma ɗaya mai fuska ashirin. Kuɗinsa shi ne ƙarin lokaci, da rauni a kan karin harsunan da manazarcin bai sani ba, da wahalar mayar da gutsattsarin su zama rubutu daidai, domin wasu haruffa suna canza siffa a wurin haɗuwa. Morfessor, wani mayankin da Creutz da Lagus suka ƙirƙira a Helsinki, yana kyau ga Finlanci da Turkanci, amma shi ma yankan jere yake yi. Samfuran bayit, masu karanta ƙananan lambobin da kwamfuta ke ajiye haruffa da su kai tsaye, irin ByT5 na 2021, sun kauce wa yankan baki ɗaya, sai dai kowane harafin Larabci bayit biyu ne a tsarin ajiye rubutu na UTF-8, jerin ya yi tsawo, lissafin ya yi tsada.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma a nan na fi so ka buɗe ido. Kada ka yarda da tallar "yana jin harsuna ɗari". Kundi guda ne ake rabawa, kuma harshen da ya fi yawan rubutu shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Kundin BERT mai harsuna da yawa bai kai gutsattsari 120,000 ba, ga harsuna 104. Kada kuma ka ruɗu da adadin gutsattsari a kowace kalma, wanda masu talla ke son nunawa. Ƙaramin adadi yana nufin rahusa wajen lissafi, ba ya nufin yankan ya faɗa kan iyakar ɗafi. Mayankin da ya haɗiye evleri guda zai fito da adadi mai kyau alhali ya ɓata kalmar. Ka kuma tambaya a kan wane rubutu aka auna, domin idan wanda aka yi horo da shi ne, adadin ba shaida ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gyaran rubutun da ake yi a ɓoye kafin yanka. Na taɓa karɓar wani mayanki da ya zo tare da samfurinsa, an ce ya iya Turkanci, ashe yana goge ɗigon da ke kan wasulla. Öldü, "ya mutu", da oldu, "ya kasance", sai suka koma gutsure ɗaya, kuma babu wani saƙon kuskure da ya fito, sai a fassarar aka ga ɓarnar. Haka mayar da manyan haruffa ƙanana: a Turkanci ƙaramin I shi ne ı marar ɗigo, amma `'I'.lower()` a Python `i` yake bayarwa. Tun daga lokacin, kafin in duba komai sai na zuba wa mayanki öldü da oldu, in mayar da gutsattsarin rubutu, in ga ko abin da na sa shi ya dawo.

Idan ya haye wannan, sai ka rubuta jerin siffofin kalma ɗaya da hannunka, ev, evler, evlerim, evlerimiz, evlerimizden, ka yi haka da oda da kitap, ka buga yankan kowanne a layinsa. Duba ko saiwar tana fitowa da gutsure iri ɗaya daga sama har ƙasa, ko kuwa tana sauya kama duk lokacin da aka ƙara ɗafi. Ka maimaita da saiwoyin da ba su cika fitowa a jarida ba, domin kalmomin yau da kullum kowane mayanki ya haddace su, a kan baƙin kalmomi ne BPE ke fara yanka ta tsakiyar ɗafi.